Zanen fensirin da hannu bai taɓa ba

A wajen bikin ritaya ko na cika shekara, an saba ganin kyautar hoton mai bikin cikin firam, fari da baƙi, da layuka masu kama da na fensir. Mai karɓa yakan yaba wa hannun da ya zana, alhali sau da yawa babu hannun da ya zana komai. Hoton waya ne aka bi da shi ta matakai huɗu a kwamfuta, cikin minti biyu ko uku. Dabarar kanta ba ta da aibi, kuma lissafin da ke ƙarƙashinta yana da ban sha'awa. Aibin yana wurin waɗanda ke amfani da ita ba tare da sanin abin da take zubarwa ba, domin abu na farko da take zubarwa shi ne duhun fatar mutumin da ake son karramawa.

Matakan ba su da wuya. A manhajar Photoshop ana fara cire launin hoton da `Ctrl+Shift+U`, ya koma ruwan toka. Sai a kwafi shimfiɗar da `Ctrl+J`, a juya kwafin da `Ctrl+I`, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, kamar nagatif ɗin masu hoto na da. Daga nan a sauya yanayin haɗin shimfiɗar ta sama zuwa `Color Dodge`. A nan ne sabon hannu ke firgita, domin allon yakan koma fari fat, sai 'yan ɗigon baƙi nan da can. Mataki na ƙarshe shi ne dusasa shimfiɗar ta sama ta `Filter > Blur > Gaussian Blur`, kuma da zarar an fara jan ma'aunin sai layuka su fara fitowa daga cikin farin, kamar rubutun da aka ɓoye. A manhajar GIMP, wadda kyauta ce, hanyar ɗaya ce, sai dai sunan yanayin haɗin `Dodge` ne kawai. Sunan ya samo asali ne daga ɗakin wanke hoto, inda mai aikin kan tare haske da ɗan kwali don wani sashe na takardar ya fito da haske.

Farin allon nan da ke firgita mutane shi ne mabuɗin fahimtar komai. Kowane ɗigo na hoto yana da lambar haske, daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari tas. Abin da `Color Dodge` ke yi shi ne raba hasken shimfiɗar ƙasa da kishiyar hasken shimfiɗar sama. To amma shimfiɗar sama an riga an juya ta, don haka kishiyarta ita ce hoton asali. Ke nan ana raba hoton da kansa, kuma duk lambar da aka raba da kanta ɗaya take bayarwa, wato fari. Dusasawa ce ke ɓata wannan daidaito. Bayan ta, kowane ɗigo na shimfiɗar sama ya daina ɗaukar haskensa, ya ɗauki matsakaicin hasken maƙwabtansa. Dukan dabarar ta dunƙule cikin layi guda:

```
sakamako = 255 × A / B
```

A nan `A` hasken ɗigon ne, `B` kuma matsakaicin hasken da ke kewaye da shi. Ɗigon da ya yi daidai da maƙwabtansa, ko ya fi su haske, fari zai fito, tunda ba a wuce 255. Wanda ya fi maƙwabtansa duhu ne kaɗai ke barin alama. Wasu masu rubuta manhaja sun san haka, shi ya sa a OpenCV ba sa wahalar da kansu da juyawa sau biyu, rabawa kawai suke yi kai tsaye.

A ɗauki hoton dattijo baƙin mutum, sanye da farar babbar riga mai aiki, yana tsaye gaban bango mai haske. A ce hasken kumatunsa 60 ne, na bangon 200. A daidai iyakar fuska da bango, dusasawa za ta gauraya su ta ba da kusan 130. Ta ɓangaren fuska, 60 a raba da 130 a ninka da 255 zai ba da kusan 118, toka mai duhu, kuma wannan ne layin da ido ke ɗauka na fensir ne. Ta ɓangaren bango, 200 ta fi 130, saboda haka fari ne. Amma a tsakiyar kumatu, inda 60 ke kewaye da 60, sakamakon 255 ne, daidai da na farar rigar. Fuska da riga da bango duk sun zama takarda ɗaya.

Wani zai ce ai haka zanen fensir yake, takarda fara ce ko wa aka zana. Akwai gaskiya a nan, domin zanen layi zalla ba ya nuna launin fata. Sai dai mai zanen da ya san aikinsa, idan ya zauna zana baƙin mutum, yawancin lokacinsa a kan inuwa yake ƙarewa. Yana shafa duhu a hankali, yana barin ƙyallin goshi da na karan hanci da na saman kumatu, domin a fata mai duhu waɗannan ƙyalli ne ke bayyana surar fuska. Ita kuwa rabawa makauniya ce ga ƙyalli. Duk abin da ya fi kewayensa haske tana mayar da shi fari, kewayen ma fari ne, sai dai wani ɗan zobe mai duhu da take barinwa a gefensa. Shi ya sa iyalin mai hoton kan duba su ce ya yi kyau, amma kamar ba shi ba, ba tare da sun iya faɗin abin da ya ɓace ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Rabawa ba ta duba yawan bambanci, kasonsa take dubawa. Ɗigon da ya gaza maƙwabtansa da maki 4 a wuri mai hasken 200 zai fito 250, ido ba zai ma gan shi ba. Wannan maki 4 ɗin a wuri mai hasken 20, kamar ƙarƙashin haɓa ko cikin gemu, zai fito 204, toka a bayyane. Kuma a wurare masu duhu ne kyamarar waya ta fi barin tsaki-tsakin da ba na hoton ba. Idan an ƙara da cewa hoton ya bi ta WhatsApp an matse shi, ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 tsaye 8 kwance da tsarin JPEG ke yanka hoto a kansu za su fito fili. Sakamakon shi ne riga fes, fuska kuwa kamar an watsa mata yashi. Wanda bai san dalili ba yakan ɗora laifin a kan injin bugawa.

Duk wannan yana da magani, kuma maganin ne ke raba mai sana'a da mai danna maɓalli. Na farko shi ne a nemi hoton asali, a turo shi a matsayin fayil ba a matse ba, a kuma rage tsakinsa tun kafin a kwafi shimfiɗar, ko da da dusasawar ɗigo ɗaya ne. Na biyu shi ne a daina karɓar lambar `Radius` daga bakin wani kamar lambar waya. Ma'aunin da ɗigo ake ƙirga shi, don haka 10 a hoto mai faɗin ɗigo 4000 siririn layi ne, a mai faɗin 1000 kuwa ya ninka haka sau huɗu a ido. Ƙaramar lamba tana ba da layi siriri kamar na fensir mai tsini, babba tana ba da inuwa mai faɗi kamar ta gawayi, idan kuma ta yi yawa sai abin ya koma hoto kawai wanda haske ya cinye. Wanda ya mayar da shimfiɗar `Smart Object` kafin dusasawa zai iya komawa ya sauya lambar ba tare da sake aikin daga farko ba.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga hoton dattijon, shi ne a mayar masa da duhun da aka ƙwace. A ɗora wani kwafin hoton mai ruwan toka a saman komai, a sa shi a `Multiply`, a rage `Opacity` zuwa kusan kashi 25. Kumatun da ya koma 255 zai sauko wajen 206, farar rigar da haskenta na asali 230 ne za ta tsaya wajen 249. Ratar nan ta isa ta raba mutum da tufarsa, ta kuma dawo da ƙyallin goshi, tunda yanzu akwai abin da zai yi ƙyalli a kansa. Bangon kuma sai a goge shi da hannu, domin lissafin bai san cewa tsagar bango da wayar lantarki ba sa cikin abin da ake son tunawa ba.

Wannan rashin zaɓi shi ne kuma hanya mafi sauƙi ta gane aikin kwamfuta idan an kawo shi da sunan aikin hannu. Mai zane yana zaɓa: ya ba ido da baki ƙarfi, ya wuce kunne da layi biyu, ya bar kafaɗa ta narke cikin takarda. Rabawa tana ba kowane zare na aikin riga kulawar da take ba ƙwayar ido. Layinta ma yana da tambari. Yana da kaifi ta gefe ɗaya, inda duhu ya haɗu da haske, sannan ya dusashe a hankali zuwa cikin ɓangare mai duhu, kuma faɗin dusashewar kusan ɗaya ne a ko'ina cikin hoton. Layin fensir na gaske yana da mafari da ƙarshe, yana kauri inda hannu ya danna, inuwarsa kuma tana nuna inda hannu ya nufa.

Saboda haka shagon da ya buga irin wannan hoto ya sayar a kan kuɗin bugu da firam da gyara bai cuci kowa ba, musamman idan ya ɓata lokaci a kan gyaran. Wanda ya kira shi zanen hannu ya karɓi kuɗin kwana uku a kan aikin minti uku ya cuci mai saye, ya kuma karya farashin mai fensirin gaske, wanda yanzu dole ya riƙa bayanin dalilin tsadar aikinsa. Mai saye da ke shakka yana iya neman a ciro takardar daga gilashi ya karkata ta wajen haske. Inda aka danna fensir sosai yana sheƙi kamar dalma, yana barin ɗan kwari a takarda, kuma yakan shafa a yatsa. Tawadar inji kwance take lumui daga wannan gefe zuwa wancan.