Rebuild Database ba ya goge sebin ɗinka, na ƙasansa ne ke gogewa

Ni gyaran waya nake yi a nan Guri, amma da yake sai an je Hadejia ake samun mai gyaran gem, PS4 ma kan faɗo teburina. Kwanaki wani ƙanena mai gidan gem ya kawo mini PS4 Slim ɗinsa. Man janareta ya ƙare ana tsakiyar wasa, da aka sake tayarwa sai allo ya nuna "The database is corrupted", ta kashe kanta, ta taso, ta sake nuna haka. Har wani ya ba shi shawarar a wanke ta gaba ɗaya, alhali akwai Master League da ya shafe wata da watanni yana ginawa.

Ni a ganina wannan shawarar ita ce ta fi ɓarna, ba matsalar kanta ba. Database ɗin nan kamar littafin mai shago ne, wanda ya rubuta kaya kaza yana kan kanta kaza. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, littafin ne ya ɓaci, amma kayan suna nan a shago. Rebuild Database zagayawa yake yi ya duba abin da ke cikin na'urar, ya rubuta sabon littafi. To me zai sa ka ƙona shago don littafi ya yage?

Duk da haka, in tana barinka ka shiga ko na minti biyar ne, fara kwashe sebin ɗinka. Saka filashi mai tsarin FAT32 ko exFAT, ka bi nan:

```
Settings > Application Saved Data Management >
Saved Data in System Storage > Copy to USB Storage Device
```

Sai dai ka sani, asusun da bai taɓa shiga PlayStation Network ba ba ya yarda a kwafa, kuma da yawa daga gidajen gem ɗinmu haka suke.

Yanzu aikin. Kashe ta gaba ɗaya, ba Rest Mode ba, har fitilarta ta mutu. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe. Za ka ji ƙara ta farko, kada ka saki, bayan kamar daƙiƙa 7 za ka ji ta biyu, sai ka saki. Ka shiga Safe Mode ke nan. Haɗa hannun gem da wayar USB ka danna maɓallin PS. A nan mutane ke maƙalewa, su ce hannun ya lalace. Yawanci wayar ce: irin ta caji zalla mai arha, wadda ba ta da layin data. Wannan kam sana'ata ce, kullum ina gani. Gwada ta da waya da kwamfuta, in kwamfutar ba ta ga wayar ba, nemo wata.

Zaɓi lamba 5, Rebuild Database. Karanta da kyau kafin ka danna, domin 6 da 7 da ke ƙasansa duka Initialize PS4 ne, kuma su ne ke share komai, gem da sebin da hotuna. Kuma don Allah kada ka fara sai ka tabbata da wutarka. Cika tankin janareta ko ka yi a kan sola mai batir, don aikin kan ɗauki mintuna, wani lokacin awanni in na'urar ta cika. Ta ƙanen nawa ba ta kai rabin awa ba, ta taso da sebin ɗinsa cif.

Masu PS4 da aka yi wa jelbirek, ku kula: bayan wannan aikin gem ɗin kan ɓace daga allo. Suna nan a ciki, sabon littafin ne bai lissafa su ba. Koma wurin wanda ya zuba maka ya dawo da su, kada tsoro ya kai ka lamba 6.

Inda nake saɓawa da wasu masu gyara shi ne masu cewa a riƙa yi duk sati kamar shan magani. Ba ya gyara sebin da shi kansa ya lalace, kuma ba ya gyara had dis mai mutuwa. In ka yi, bayan kwana biyu saƙon ya dawo ba tare da wuta ta ɗauke ba, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, ko ta nuna CE-34335-8, to dis ɗin ne abin zargi. Irin na laftof ne mai inci 2.5, ana canza shi cikin sauƙi. Amma ka kwashe sebin tun tana tashi, domin abin da ke kan dis ɗin a kulle yake da na'urarsa, ko ka haɗa shi da kwamfuta ba za ta karanta maka ba.