Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sa wa mutane na'urar ji

'Yan'uwa abokan sana'a, mai wannan wasiƙa, wanda ya tsufa a cikin aikin kunne, yana yi muku sannu da ƙoƙari. Kun iya kwamfuta fiye da mutanen zamaninsa, kuna saita na'ura cikin minti ashirin, aikin da a da yake cin wuni da ɗan sukundireba. Allah ya ƙara basira. To, yabo ya tsaya a nan, domin akwai magana.

Abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami wata 'yar amsa ce da ta zama ruwan dare a bakinku. Mutum zai tambaya ko na'urar za ta kawo masa kira kai tsaye cikin kunne, sai a ce masa, "Ƙwarai kuwa, Alhaji, ai tana da bulutut." A karɓi kuɗi, a yi sallama. Wannan amsa ba ƙarya ba ce, amma ta yi kusa da ƙarya, don bulutut ɗin da ke cikin na'urorin ji iri huɗu ne, kuma ba kowace waya ce ke jin yaren kowanne ba.

Na farko na kamfanin Apple ne, wanda ake rubutawa Made for iPhone, kuma ya fito kasuwa a 2014 tare da na'urar ReSound LiNX. Wannan sai da kayan Apple. Na biyu shi ne ASHA, wanda Google ya shigar cikin Android 10 a 2019. Na uku shi ne tsohon bulutut na yau da kullum, irin na sifikar mota, wanda Phonak ya sa a Audéo B-Direct a 2017, sannan a Marvel a 2018 da sauti a kunne biyu. Na huɗu shi ne LE Audio, wanda aka sanar a farkon 2020, kuma shi ma dole wayar da na'urar duka su zo da shi kafin ya yi aiki.

A kan ASHA ne ake ta yin ɓarna. Da yawa daga cikinku sun haddace cewa daga Android 10 zuwa sama an gama. Ba a gama ba. Google ya buɗe hanyar ne kawai, amma kamfanin da ya ƙera wayar shi ke da ikon kunna ta ko barin ta a kashe, kuma cikin kamfani guda ana samun samfurin da ke da ita da wanda ba shi da ita. Wayoyin Pixel da manyan wayoyin Samsung ne suka fara zuwa da ita. Mu kuwa mutanenmu abin da suka fi ɗaukowa daga Farm Centre a Kano da sauran kasuwannin waya Tecno ne da Infinix da itel, sai ƙananan samfuran wasu kamfanonin. Ba a cewa wannan za ta yi, waccan ba za ta yi ba, daga sunan da ke bayan waya. Sai an gwada samfurin da ke hannun mutum.

Ga yadda tarkon yake kama mutum. A ɗauki dattijo ɗan kasuwa da aka sa wa na'ura biyu masu aiki da hanyar Apple da ASHA, wayarsa kuma Android ce mai sauƙin kuɗi. Mai sa na'urar ya saukar masa da manhajar kamfanin, manhajar ta ga na'urorin, ta nuna cajin batir, aka ja sauti sama ya hau, aka ja ƙasa ya sauka. Kowa ya yi murna, aka ce sun haɗu. Alhali manhajar tana aika 'yan gajerun umarni ne kawai, abin da kusan kowace wayar zamani za ta iya. Ɗaukar muryar mutum daga waya zuwa kunne wata ƙofa ce daban. Dattijo ya koma gida, ɗansa ya kira daga Saudiyya, murya ta fito ta sifikar wayar kamar kullum. Ya ɗauka shi ne bai iya ba. Jikansa ya kashe bulutut ya kunna, ya goge manhaja ya sake saukarwa, duk a banza. Bayan wata guda na'urar tana cikin durowa, shi kuma yana faɗa wa abokansa a bakin masallaci cewa abin nan cin kuɗi ne kawai.

Da an ba shi minti biyar kafin ya biya, da hakan bai faru ba. A karɓi wayarsa. A buɗe ƙofar batirin na'urar a rufe, ko a kashe ta a kunna idan mai caji ce, don ta shiga neman haɗi, wanda yakan ɗauki kamar minti uku. A iPhone ba a shafin bulutut ake haɗa mai hanyar Apple ba, a Settings > Accessibility > Hearing Devices ne. A Android wurin ya bambanta daga waya zuwa waya, amma galibi yana ƙarƙashin Accessibility ko Connected devices. Sai mai sa na'urar ya fita daga ɗakin, ya ja ƙofa, ya kira shi da tasa wayar. Idan muryar ta shiga kunnen dama da na hagu, an dace. Idan ta fito ta sifika, ko ta shiga kunne ɗaya kawai a na'urar da aka ce ta kunne biyu ce, to a faɗa masa gaskiya tun kuɗinsa na aljihunsa.

Kuma gaskiyar ba ta rufe masa hanya. Zai iya zaɓar na'ura mai tsohon bulutut, wadda ke haɗuwa da kusan kowace waya, har da ƙaramar waya mai madannai muddin tana karɓar abin sawa a kunne. Abin dariya ne, amma sau da yawa 'yar wayar da ake rainawa ta fi babbar sauƙin haɗi a nan. Ko kuma a ba shi ɗan tsani da ake maƙalawa a wuyan riga, irin su Phone Clip+ na ReSound, ConnectClip na Oticon ko StreamLine Mic na Signia, wanda ke karɓar kira daga waya ya miƙa wa na'ura. Ƙarin kuɗi ne, ƙarin abin caji ne a ƙasar da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama, amma gara ya ji haka daga bakinku.

Mai wannan wasiƙa ba ya iya tuna wannan sakaci ba tare da ya tuna Raymond Carhart ba, wanda ake kira uban wannan ilimi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a asibitin sojoji na Deshon da ke Pennsylvania, yakan sa wa soja na'ura bayan na'ura, a karanta masa kalmomi, a ƙirga nawa ya kama, kafin a ce ga tasa. A 1946 ya wallafa wannan hanya. Samuel Lybarger na kamfanin Radioear, wanda ake danganta telekoyil da sunansa, shi ma damuwarsa ke nan, yadda mai raunin ji zai yi magana a tarho. Waɗannan mutane ba su da kwamfuta, amma ba sa sallamar mutum da abin da aka rubuta a kwali. Yau kuwa an samu masu karanta wa mutum kwali, su kira kansu ƙwararru. Wanda zai iya auna ji a kowane mataki na sauti amma ya kasa buga kira ɗaya na gwaji, ba ƙarancin ilimi ke damunsa ba, ganda ce. A yi haƙuri da zafin harshe, tsufa ne da takaici.

Laifi na biyu ya fi wancan ɓoyuwa, shi ne rashin gaya wa mutum ta ina muryarsa take fita. ASHA hanya ɗaya take bi, daga waya zuwa kunne. Makirfon wayar ne ke ɗaukar maganarsa, saboda haka dole wayar ta zauna kusa da bakinsa. Wanda aka ce wa ya jefa ta aljihu ya yi ta magana, shi zai ji ɗan'uwansa tangaran, ɗan'uwan kuwa ba abin da zai ji sai motsin yadi. A ɓangaren Apple ma haka abin yake har 2021, lokacin da iOS 15 ya ba da damar magana ta makirfon na'urar, shi ma sai a iPhone 11 zuwa sama, kuma sai na'urar da aka yi don haka. Mai tsohon bulutut yana magana hannu sake, amma makirfon yana bisa kunne, nesa da baki. A tsakiyar kasuwar Kantin Kwari zai kwashi hayaniyar 'yan dako da ƙarar janareta ya aika wa mai kira. Don haka a kiran gwaji kada a tsaya ga "Baba, kana ji na?" Mai kira ya saurari yadda muryar Baba take iso masa, a cikin ɗaki, sannan a bakin titi.

A bakin titin ne kuma za a gano wani abu. Waɗannan hanyoyi duka suna tafiya a kan zangon 2.4 GHz, wanda jikin mutum yake shanyewa. A cikin ɗaki bango yana mayar da sigina, sai ta kewaye jiki ta isa kunne. A fili babu abin da zai mayar da ita. Shi ya sa mutum zai ce a gida lafiya lau, amma da ya fita da wayar a aljihun gefen kaftani sai kunnen ɗaya ɓangaren ya riƙa yankewa. Ba lalacewa na'urar ta yi ba. A ce masa ya mayar da wayar aljihun ƙirji.

Idan kuma ya yi kukan cewa muryar ta zo siririya, babu kauri, a duba 'yar robar da ke bakin na'urar kafin a taɓa kwamfuta. Roba mai huji tana da daɗi ga mai ɗan ragowar ji, amma sauti mai kauri da aka turo daga waya ta nan yake zurarewa waje, hayaniyar waje kuma ta nan take shigowa. Wani lokaci sauya ta da rufaffiya, tare da rage makirfon na'urar yayin kira, shi ne duk maganin. A kuma faɗa masa tun farko cewa yawan kira yana shan batir, ƙaramin batir mai lamba 312 da ya saba kai shi mako zai iya gaza masa da kwanaki.

Sai telekoyil, wanda da yawanku suka daina ko ambatonsa. Ɗan naɗin wayar tagulla ne a cikin na'ura, yana ɗaukar maganaɗisun sifikar tarho ya mai da shi sauti, ba haɗi, ba manhaja, ba ya tambayar sunan kamfani. Yana da nasa cikas, yakan yi gunji kusa da wasu fitilu da injuna, kuma ba kowace wayar hannu ce ke ba shi maganaɗisu mai ƙarfi ba. Amma ranar da bulutut ya ƙi, ko aka miƙo wa mutum wayar wani ya amsa, me zai yi? Ko babu telekoyil, a koya masa ɗora sifikar waya a kan makirfon na'urar, can saman kunne idan mai rataya ce, ba a kan ramin kunne da aka toshe ba, ya ɗan karkatar da ita don kada ta yi fito. Wannan darasi ne na daƙiƙa talatin da tsofaffin ma'aikata ba sa mantawa da shi.

Mai wannan wasiƙa ya san layi yana da tsawo, ma'aikata kaɗan ne, kuma babu wanda zai haddace dubban samfuran waya. Ba haddar yake roƙo ba. Roƙonsa shi ne duk wanda za a ba ranar zuwa a ce ya taho da wayarsa da cajinta, a rubuta sunan samfurin a katinsa kusa da sakamakon awon ji, kuma a ja masa kunne cewa ranar da zai sauya waya ya biyo ta wurinku, ko ya gwada ta da na'urarsa a gaban mai shago kafin ya biya.