Ku daina zagin banki a dunƙule, ku zauna ku yi lissafi

Duk ƙarshen wata sai na ga marubutanmu sun cika ko'ina da "banki ya yashe ni". In ka tambaya nawa aka cire, kuma da wane suna, sai a yi shiru. Wannan ƙorafin bai taɓa dawo wa kowa da ko sisi ba. Abin da ya fi ba ni haushi, wanda kuka fi tsine wa, wato kuɗin kula da asusu, sau da yawa shi ne ƙarami. Wanda ya fi cin ku kuna murna da shi, don ƙararsa daɗi gare ta: alat.

Mu ɗauki marubuciya a nan Bakori da ke sayar da littafinta ta waya a kan naira 500. A wata guda mutum 200 suka biya, dubu 100 ke nan. Kowane biya da saƙonsa na tes, kuma tun watan Mayun 2025 manyan bankuna suka ɗaga kuɗin saƙon daga naira 4 zuwa 6, bayan an ƙara wa kamfanonin waya farashi. Saƙo 200 sau 6, naira 1,200. Kuɗin littafi biyu har da ɗori sun tafi a kan labarin da manhajar bankin da ke wayarta za ta ba ta kyauta.

To kuɗin kula da asusun fa? Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wadda ta fara aiki a Janairun 2020, ta ce a asusun karant kaɗai ake cire shi, kuma bai wuce naira 1 a kan kowace dubu da ta fita. A lissafin waccan ƙa'idar ta 2020, ko da dubu 100 ɗin duka ta fitar, naira 100 ce, da ɗan harajin kashi 7.5 a kai. Asusun ajiya kuwa ba a cire masa wannan, sai naira 50 ta katin cirar kuɗi duk wata uku da ƙa'idar 2020 ta sanya. Saboda haka in asusunki na ajiya ne kika ga ana cire miki kuɗin kula da asusu duk wata, kina da ƙorafi na gaskiya. Ki rubuta wa bankin, ki riƙe shaidar sun karɓa, in mako biyu ya wuce ba su warware ba ki kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na Babban Banki.

Sai tiransifa zuwa wani banki. Hawa uku ce a waccan ƙa'idar: naira 10 zuwa dubu 5, naira 25 zuwa dubu 50, naira 50 abin da ya haura. Da haraji suna komawa 10.75, 26.88 da 53.75. Akwai kuma naira 50 ta gwamnati a kan duk abin da ya kai dubu 10, wadda a da mai karɓa ke biya, daga Janairun 2026 ta koma kan mai turawa. Wannan ba ta banki ba ce, ku daina ɗora musu.

A ce marubuciyar nan za ta sari masara ta ajiye, tana tura wa dillali a Funtuwa dubu goma-goma duk sanda kuɗi suka ɗan taru. A farashin ƙa'idar 2020, kowane turi zai ci 26.88 da 50 da 6 na alat, kusan naira 83, sau goma kusan 830. Da ta haƙura suka taru ta tura dubu 100 a lokaci guda, abin da za ta biya bai cika 110 ba.

Na san amsar da za a ba ni: in na rufe alat, ta yaya zan san an biya? Ai alat ɗin tes shi ne abin da 'yan damfara suka fi iya ƙirƙira. Wanda ya taɓa sakin littafi a kan saƙon bogi ya sani. Shaidar biya ita ce ki buɗe manhaja ki ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. Rufewar kuma haƙƙinki ce: za ki cike takarda a banki cewa kin ɗauki alhakin abin da rashin saƙon zai jawo, a mayar da ke sanarwar imel.

Amma ban ce kowa ya rufe ba. Baba da ke ƙauye da ƙaramar waya, wanda alat ɗinsa bai wuce biyar a wata, naira 30 ce, kuma ita ce kaɗai za ta sanar da shi in wani ya taɓa masa kuɗi. Kuɗin motar zuwa Funtuwa cike takardar ma na iya fin abin da zai tsira da shi a shekara. Maganata da ke ce, mai alat 200, da kai mai karɓar kuɗin rajistar gasar rubutu a asusunka. Ku nemi bayanin asusunku na wata uku ta manhaja, ku ware layukan da aka rubuta SMS, ku tara su.