Jadawalin Ba Da Maki Ga Jawabin Ɗalibi Kan Babbar Sallah: Fa'idodi da Illoli

Malamin da ya sa ɗaliban sakandare su tashi gaban aji su yi jawabin minti biyar kan Babbar Sallah yana da hanya biyu ta ba da maki. Ko dai ya saurara ya yanke da abin da ya ji a ransa, ko kuma ya tsara jadawali tun kafin ranar, ya rubuta abubuwan da zai auna da matakin ƙwazo a kowanne, ya liƙa a bango kowa ya gani.

Jadawalin da za a auna a nan yana duba abu huɗu: ingancin bayani, tsarin jawabi, murya da isarwa, sai amsa tambayoyi. Kowanne yana da mataki huɗu, daga 4 zuwa 1. Ana ninka makin ingancin bayani sau biyu, jimilla ta zama 20. A ingancin bayani, mataki na 4 na wanda ya faɗi cewa ana idin ranar 10 ga Zulhijja, ya kawo asalin layya daga ƙissar Annabi Ibrahim (AS), ya bambanta ibada da al'ada, ba tare da kuskure ba. Na 3 na wanda ya kawo duka amma ya yi ƙaramin kuskure ɗaya. Na 2 na wanda ya yi kuskure a ginshiƙin magana ko ya cakuɗa ibada da al'ada. Na 1 na wanda bai wuce labarin sabbin kaya da suyar nama ba.

Fa'idodi

Babbar fa'idarsa ita ce yana hana daɗin baki rinjayar malami. A ɗauki ɗalibai biyu. Na farko mai baki ne, aji ya yi masa tafi, amma ya ce ana yanka layya ranar 9 ga wata, alhali ranar Arfa ce, ya kuma jera Hawan Daushe cikin ayyukan ibadar idi, alhali al'adar masarauta ce. Matakinsa a inganci 2 ne, wato maki 4, ga tsari 3, murya 4, amsa tambaya 2, ya tashi da 13. Ta biyu muryarta ƙasa-ƙasa, takarda na rawa a hannunta, amma ba ta yi kuskure ba, kuma da aka tambaye ta ko ana yanka kafin sallar idi ta ce sai bayanta, bayan liman ya yanka tasa. Ta sami 8 a inganci, tsari 3, murya 2, tambaya 4, jimilla 17. Da kunne kaɗai aka bi, da wuya a ce na farkon bai wuce ta ba.

Jadawalin yana kuma sanar da ɗalibi abin da ake nema tun kafin ya fara shiri. Wanda ya karanta cewa mataki na 4 yana buƙatar raba ibada da al'ada zai je ya tambayi malamin Islamiyya ko wani babba a gida, ya gano cewa sallar idi da layya da kabbarori suna gefe guda, hawan sarki da yawon sallah da barka da sallah suna wani gefen. Wannan kaɗai darasi ne, ko da ba a kai ga jawabin ba.

Makin da aka rarraba yana nuna inda rauni yake. Lamba 13 ita kaɗai ba ta gaya wa yaron farko komai, amma 2 a inganci tare da 4 a murya tana ce masa ya koma ga littafi, bakinsa ba shi da matsala. Haka nan idan uba ya zo ƙorafi, akwai takardar da za a shimfiɗa masa, kuma malamai biyu masu koyar da aji biyu za su fi kusantar juna a hukunci, muddin sun taɓa zama sun gwada jadawalin tare a kan jawabi ɗaya ko biyu.

Illoli

Mafi nauyin illa tana cikin kalmar “kuskure” kanta, domin a sha'anin addini ba duk saɓani ne kuskure ba. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, kwanakin yanka uku ne, 10 da 11 da 12 ga wata. A wurin Shafi'iyya huɗu ne, har da ranar 13. Ɗalibin da ya ce huɗu bisa abin da ya karanta bai yi ƙarya ba, amma jadawalin da aka rubuta da amsa ɗaya tak zai sauke shi mataki. Lamarin ya fi tsanani idan aka bar ɗalibai su zaɓi Maulidi, wanda wasu ke raya shi wasu kuma suke ganin bidi'a ne. A nan malami yana iya hukunta aƙidar gidan yaro yana zaton iliminsa yake aunawa. Ana rage wannan idan mataki na 4 ya nemi ɗalibi ya faɗi madogararsa, ya kuma ambaci saɓani inda yake, ba tare da zagin kowa ba. Sai dai hakan yana buƙatar malamin da shi kansa ya san saɓanin.

Akwai kuma jarrabar auna imani a maimakon sani. Da zarar an saka “nuna ƙaunar ibada” cikin abubuwan dubawa, an shiga abin da alƙalami ba ya iya gani, kuma an zalunci ɗalibi Kirista da ke aji ɗaya da Musulmi. Adalci shi ne matakan su yi aiki daidai idan shi ya zaɓi Kirsimeti ko Ista, ko ma ya yi bayanin Sallar a matsayin mai bincike.

Ɓangaren murya da isarwa yana da nasa tarko. Jadawalai da yawa da ake kwafowa daga waje suna ba da mataki mafi girma ga mai kallon masu sauraro ido da ido. Yaron da aka tarbiyyantar kan sunkuyar da kai gaban manya zai rasa maki saboda ladabinsa, mai in'ina kuma saboda halittarsa. Ya fi dacewa a auna ko na bayan aji yana ji, da ko ɗalibi yana bayani ne ko karanta takarda kawai yake yi.

Lissafin kansa ba shi da tsabta kamar yadda ake gani. Tun da mataki mafi ƙasa 1 ne, duk wanda ya miƙe ya buɗe baki ya sami 5 cikin 20, sai an ƙara matakin sifili. Ninkawar da aka yi wa inganci kuma tana sa tazarar mataki ɗaya ta zama maki biyu, alhali iyakar da ke tsakanin “ƙaramin kuskure” da “kuskure a ginshiƙi” hukuncin malami ne dai har yanzu, an sa masa lamba ne kawai.

Jadawalin yana iya mayar da jawabai duka iri ɗaya. Ɗalibar da ta so ta ba da labarin yadda kakarta ke raba nama ga maƙwabta tana iya fasawa idan ta ga babu gurbinsa a takarda.

Sai lokaci. Aji mai ɗalibai 60, kowa minti biyar, minti 300 ke nan, fiye da darasi bakwai na minti 40, ba a lissafa tambayoyi da cike gurbi 240 ba. Idan aka koma jawabin rukuni don rage wannan, sai mai ƙwazo ɗaya ya ɗauki raggwaye huɗu a bayansa.

Makarantar da ke da ƙananan azuzuwa da malamai masu sanin saɓanin malamai za ta fi cin ribar wannan tsari. Wadda ke da cunkoso da ɗalibai daga gidaje masu fahimta daban-daban sai ta gyara matakan kafin ta liƙa su, ko ta taƙaita su zuwa abu biyu ko uku. Kowane malami ya san ajinsa fiye da kowa, shi zai duba ya yanke.