Shirun mutum ba yardarsa ba ce: zancen «gwajin kyauta» a salula

Akwai kukan da ake ji kullum a bakin mai salula, daga Maraɗi har Damagaram: «Na zuba kuɗi da safe, ban kira kowa ba, da marece na tarar sun ragu.» Sau da yawa kuɗin nan ba ɓata suka yi ba, biya ne na wani abu da mutum ya karɓa bisa sunan kyauta, wanda a nasarance ake rubutawa «essai gratuit», watau gwaji ba da biya ba. A ganinmu wannan ciniki yana da aibi tun daga tushensa, kuma ya cancanci hukuma ta sa masa ido.

Ga yadda abin yake tafiya. Saƙo yana shigowa, ana yi wa mutum tayin waƙar da mai kiransa zai riƙa ji, ko labarin ƙwallo, ko farashin hatsi, a ce kwana 3 kyauta, ya danna 1 in ya yarda. Shi a zatonsa kyauta ya karɓa, in kwana 3 sun cika ta ƙare. Amma abin da na'urar kamfani ta rubuta daban ne: ta shigar da lambarsa cikin masu abonma, ta yafe masa kuɗin kwanaki ukun farko kawai. Ranar ta huɗu ba a sake tambayarsa kome, domin wajen na'ura yardar ta riga ta samu tun ranar farko. Wannan shi ne ma'anar «renouvellement automatique» da ake rubutawa a ƙarshen saƙon, inda ido bai cika kaiwa ba.

Mu yi lissafi da misali. A ce abonman tamma 50 ne a yini, watau dala 10. Wani manomi ya danna 1 ranar Litinin, kyautar ta ƙare ranar Laraba. Ranar Alhamis babu ko dala a salularsa, saboda haka ba a cire kome ba, shi kuwa sai ya ɗauka zancen ya mutu. Alhali na'urar tana sake gwada cirewa lokaci lokaci. Bayan sati biyu, ranar kasuwa, ya zuba dala 100, nan take dala 10 ta tafi, kashegari wata dala 10. Cikin kwana 10 dala 100 ɗin ta ƙare ko da bai kira kowa ba. In ya ci gaba da zuba kuɗi, a wata zai biya jika 1 da rabi, a shekara jika 18 da dala 50. Ina zai haɗa wannan da maɓallin da ya danna tun sati biyu baya? Tazarar da ke tsakanin dannawa da cirewa ita ce ke ɓatar da sawu. Alamar da ake gane shi da ita kuwa mai sauƙi ce: a duba ragowar kuɗi da dare, a sake dubawa da safe kwana biyu ko uku a jere, in adadi ɗaya ne ke fita kowace rana, to abonma ne, sai a kira ma'aikatan layin a nemi su faɗi duk abonman da ke kan lambar, su kashe.

Ma'aikatan gwamnati masu katin banki su ma ba su tsira ba, nasu ma ya fi nauyi. Manhajar koyon harshe ko ta kallon sinima takan ce kwana 7 kyauta, amma sai an sa lambar kati. Wanda ya sa lambar ya ba mai sayarwa izinin cire kuɗi nan gaba, yawanci ba tare da an sake neman lambar sirri ba. Sau da yawa kuma abin da aka riga aka zaɓar masa abonman shekara ne: farashin wata, a ce tamma 2.500, an rubuta shi da manyan baƙaƙe, amma abin da ke fita ranar ta takwas jika 30 ne gaba ɗaya. Mutane da yawa suna share manhajar daga salula su ɗauka sun fita. Google da kansa ya bayyana cewa share manhaja ba ya kashe abonma. Sai an shiga Play Store, wurin «Paiements et abonnements», an soke shi can. Apple kuma yana cewa a soke aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare. Ke nan wanda ya jira ranar ƙarshe yana iya tarar da an riga an cire.

Masu wannan sana'a suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa sun rubuta sharaɗin, kuma sabuntawa da kanta sauƙi ce ga mai saye, don kada a yanke masa aiki kowane wata. Ga wanda ya riga ya biya sau ɗaya da saninsa, mun yarda da wannan. Amma wanda bai taɓa biyan ko dala ba, ba a san ko yana son saye ba. Abin da aka sani kawai shi ne ya karɓi kyauta. A kasuwar Maraɗi mai ƙuli-ƙuli takan ba ka ka ɗanɗana, amma ba ta biyo ka gida kowace safiya da ƙullin da ba ka ce a kawo ba. Sa'an nan sharaɗin da aka rubuta da faransanci, aka aika wa wanda ya yi yaƙi da jahilci da hausa ko zabarmanci, da wuya a kira shi sanarwa.

Waɗansu wurare sun riga sun ɗauki mataki. Tun 2020 kamfanin Visa ya wajabta wa masu sayarwa su tunatar da mai kati kafin gwajin kyauta ya juye na biya, su kuma ba shi hanyar sokewa mai sauƙi. A Indiya, tun 2021 babban bankin ƙasar ya sa dole a sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin kowace cirewa irin wannan. A Jamus, tun 2022 doka ta tilasta a sa maɓallin soke abonma a fili. A Amirka kuma, hukumar kula da ciniki ta kai Amazon ƙara a 2023 kan yadda ake shigar da mutane abonman Prime da wahalar fita, aka sasanta a 2025 kan dalar Amirka biliyan 2,5.

Abin da muke roƙon hukumar kula da sadarwa ta ƙasarmu, ARCEP, bai kai wannan girma ba. In kwanakin kyauta sun cika, aikin ya tsaya, sai in mutum ya sake danna yarda bayan an gaya masa farashin yini da na wata, cikin harshen da yake ji, da murya ga wanda bai iya karatu ba. Kowace cirewa ta zo da saƙo mai faɗin sunan abin da aka biya. A kuma tanadi lamba guda, iri ɗaya ga dukan layuka, wadda mutum zai danna ya ga abonman da ke kansa, ya kashe wanda ba ya so ba tare da an cire masa kuɗin kiran ba.