Sammore: allurar da muke kashewa da hannunmu

Magungunan da ake yi wa shanu allurarsu idan sammore ya kama su tsofaffi ne ƙwarai. Berenil ya shigo a 1955, Samorin kuma a farkon shekarun 1960, kuma har yau babu wani sabo da ya maye gurbinsu a kasuwa. Allurar rigakafi irin ta ciwon huhu ma babu, domin ƙwayar cutar tana yawan sauya rigarta a cikin jini, ta yadda garkuwar jiki ba ta gane ta. Ke nan duk ranar da waɗannan magunguna suka daina aiki, makiyayin da ke zuwa rani Kudancin Kaduna ko bakin Binuwai ba shi da abin kamawa. An riga an tabbatar da ƙwayoyin da ba sa jin magani a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya.

Ƙudan tsando ne ke ɗauke da cutar, yana zama a kurmi da inuwar bakin rafi inda ake shayar da dabbobi. Wani nau'in ƙwayar kuma bobuwa na iya kwasarsa daga saniya zuwa saniya, shi ya sa garke kan dawo Arewa da cutar ta ci gaba da yaɗuwa inda babu tsando. Alamunta ba sa zuwa da hayaniya. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ido ya riƙa zubar da hawaye, gashi ya tashi, kaluluwa ta kumbura a gaban kafaɗa. Saniya na kiwo amma tana ramewa, tana zama kurar baya a garke, nono ya ragu, mai ciki ta yi ɓari. Babbar shaida ita ce ƙarancin jini: a buɗe fatar ido ko dasashi a ga ya yi fari. Sai dai ciwon hanta da cututtukan kaska su ma suna kawo haka, don haka duba jini a madubin likita ne kaɗai ke raba gardama.

Ɓarnar tana faruwa ne wajen awo. Ƙaramin ƙunshin Berenil yana da giram 2.36 na gari, giram 1.05 daga ciki shi ne maganin. Ana narka shi a ruwa mai tsabta mililita 12.5, ya ba da kusan 15, kuma wannan na dabba mai kilo 300 ne, wato mililita ɗaya ga kowane kilo 20. A ɗauki makiyayi mai Bunaji uku marasa lafiya, kowace kilo 250. Kowace na buƙatar mililita 12.5. Kuɗi sun yi ƙaranci, sai ya raba ƙunshi ɗaya gida uku, kowace ta sami 5. Maimakon miligiram 3.5 ga kowane kilo, ta sami 1.4, bai kai rabi ba. Zazzaɓi zai sauka, shanu su ɗan murmure, ya ga kamar ya yi dabara. Amma raunanan ƙwayoyi ne kawai suka mutu. Masu taurin kai sun tsira, bayan mako biyu ko uku ciwon ya dawo, tsando kuma ya kwashe su ya kai wa garken maƙwabci. A ganina bai kamata a ɗora wa makiyayi laifin duka ba, tunda a kan tabarma a kasuwar ƙauye yake sayen maganin, wani jabu, wani ya sha rana, kuma malamin dabbobi ya yi masa nisa.

Idan ciwo ya dawo bayan cikakken awo, maimaita allura iri ɗaya asara ce. Likitoci kan sauya zuwa Samorin, domin ƙwayar da ta gagari ɗayan sau da yawa tana jin ɗayan, ko da yake an fara samun masu gagarar duka biyun. Samorin na da wani amfani: idan aka yi shi can cikin tsoka kafin tafiya rani, yana kare dabba wata biyu zuwa huɗu. Berenil ba ya yin wannan, kwanaki kaɗan ya fita daga jini.

Allura kaɗai ba ta riƙe garke a ƙasar tsando. Macen tsando tsutsa ɗaya take haifa duk bayan kwana tara ko goma, saboda haka kashe kaɗan daga cikinsu kullum yana karya yawansu. Tarkon ƙyalle mai shuɗi da baƙi a mashaya yana jawo su, maganin feshi a ƙafafu da cikin shanu, inda suka fi cizo, yana kashe su. Cibiyar binciken sammore da ke Kaduna ta daɗe tana wannan aiki. Amma tarko sai da yarjejeniyar ardo da duk rugagen da ke shan rafi ɗaya, domin idan an kafa a mashaya guda an bar ta gaba, ƙudan da ke can zai sake cika wurin cikin 'yan watanni.