Tiyatar haihuwa kyauta ce a Nijar tun 2005: me ke faruwa kafin a shiga ɗakin aiki da bayan an fito a yankin Konni, Malbaza da Ilela?

A watan Agustan 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin magani da rabi a asibitocin gwamnati, ta kuma mayar da haihuwa kyauta daga ranar 1 ga Satumba na shekarar. Tiyatar ciro jariri, wadda a nan ake kira fiɗa ko sezariyan, ta daɗe da shiga wannan layi, domin tun Nuwamban 2005, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka ɗauke wa mata kuɗinta. Nijeriya ma sai a Nuwamban 2024 ministan lafiyarta, Muhammad Ali Pate, ya sanar da makamancin haka ga mata marasa ƙarfi.

Duk da wannan rigaye, alƙaluma ba su nuna cewa aikin ya kai ga masu bukatarsa ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2012 ya gano cewa kashi 1.4 cikin 100 na haihuwa ne kawai aka yi ta tiyata a Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace-macen uwa da jariri suna raguwa yayin da adadin ke hawa zuwa kashi 10 cikin 100. A 2021 ta ƙiyasta cewa duniya ta kai kashi 21, ƙasashen kudu da Sahara kuma kashi 5. Wato a wasu ƙasashe ana kukan yawan yanka ba dalili, mu kuma namu kukan shi ne matan da ya kamata a yi wa aiki ba sa isa kan gadon cikin lokaci.

A gundumomin Birnin Konni, Malbaza da Ilela na jihar Tawa, wuraren da aka fi dosa idan haihuwa ta gagara sanannu ne: asibitin gunduma na Konni, asibitin mishan na Galmi da ke bakin babbar hanya tun 1950, da cibiyar kula da uwa da yaro ta garin Tawa. Ƙananan asibitocin karkara, waɗanda ake kira CSI, ba su da ɗakin tiyata. Aikin unguwarzomarsu ta zamani, sajifam, shi ne ta gane matsala da wuri ta tura mace gaba.

Dalilan da ke sa likita ya yanke shawarar yin aiki ba su da yawa. Akwai lokacin da mabiyiya ta zauna a bakin mahaifa ta tare hanya. Alamarta jini ja da ke zuba a ƙarshen ciki ba tare da ciwo ba. Akwai ɓallewar mabiyiya kafin jariri ya fito, wadda ke zuwa da ciwo mai tsanani da taurin ciki. Akwai jijjiga sakamakon hawan jini, da kwanciyar jariri a gicciye, da fitowar igiyar cibiya kafin kai, da bugun zuciyar jariri da ya sauka ƙasa da 110 a minti ɗaya ya ƙi dawowa. Amma wadda ta fi cika ɗakunan tiyata a karkararmu ita ce doguwar naƙuda, inda kan jariri ya kasa wuce ƙugun uwa.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 17 mai cikin fari a wani ƙauye na gundumar Ilela. Naƙuda ta fara mata da magariba. Tsofaffin gida suka ce haihuwar fari dama tana jan lokaci, kuma da gaskiyarsu. Gari ya waye, rana ta take, ba labari. Da la'asar aka ɗora ta a amalanke zuwa CSI. Sajifam ta duba ta tarar bakin mahaifa ya kusa buɗewa gaba ɗaya, amma kai yana sama bai sauko ba, ƙasusuwan kan sun hau juna, fitsarin da aka zuƙo da roba ya gauraya da jini. Wannan hanya ce ta toshe, kuma babu rubutu, jiƙo ko allurar ƙara naƙuda da za ta faɗaɗa ƙashi. Allurar ma a irin wannan hali tana iya fasa mahaifa.

Daga nan lissafin ya koma na awoyi. Kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ba ya kai wa naman wurin, kuma idan aka daɗe naman zai mutu ya ɓule bayan 'yan kwanaki. Haka yoyon fitsari ke samuwa. Ana bukatar mota ta fito da ita zuwa kwalta ta Badagishiri, daga can a nufi Tawa ko Konni. Ana bukatar wanda zai ba da jini idan ta kama. Sau da yawa kuma ana jiran izinin miji, wanda yake ci-rani a Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, wayarsa ba ta shiga. Dokar 2005 ta ɗauke kuɗin aikin, amma ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A jihar da ta yi suna wajen tafiya ci-rani, rashin barin izini a baya gibi ne da babu ministan da zai cike shi. Mijin da zai yi tafiya ya bar mai ciki yana iya faɗa a gaban mahaifiyarsa da surukansa cewa duk abin da likita ya ce a yi, a yi ba sai an neme shi ba.

Aikin kansa ya fi sauƙi a kan yadda ake tsoronsa. Galibi allurar baya ake yi, mace tana farke, jikinta daga ƙirji zuwa ƙasa ne ba ya jin ciwo. Ana sa mata robar fitsari, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin wuƙa ta taɓa fata. Likita yana yanka a kwance a ƙasan mara, tsawon santimita 10 zuwa 15, ya buɗe ƙasan mahaifa. Cikin minti goma na farko an ciro jariri. Sauran lokacin, wajen rabin awa ko fiye, na ɗinki ne.

Bambancin da ya fi shafar iyali yana farawa ne bayan an fito. Wadda ta haihu da kanta lafiya tana iya tashi cikin 'yan awoyi, a sallame ta bayan kwana ɗaya. Ko ta samu ƙari an ɗinke, yakan lafa cikin mako biyu zuwa uku. Wadda aka yi wa aiki kuwa tana da rauni biyu, na fata da ake gani da na mahaifa da ba a gani. Takan yi kwana uku zuwa biyar a asibiti, fiye da haka idan ta zo a galabaice kamar yarinyar da muka yi misali da ita, wadda za a iya barin robar fitsari a jikinta mako ɗaya zuwa biyu don mafitsara ta huta. Ana so ta taka ƙasa cikin kwana ɗaya ko da ciwo, saboda dogon kwanciya yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Jinin biƙi yana zuba mata kamar kowace mai jego. Nono ma za ta iya bayarwa da zarar ta samu kanta, ta kwanta a gefe don kada jariri ya danne ɗinkin.

Kwana arba'in na jego sun yi daidai da mako shida da likitoci ke ba raunin, kuma a nan al'ada ta yi wa mace gata, musamman mai haihuwar fari da ke zuwa wankan gida. Matsalar tana ga mai haihuwa ta huɗu ko ta biyar da ba ta da mataimaki. Kwana goma da sallama za ka gan ta a bakin turmi ko tana jan guga, alhali ƙa'idar ita ce kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi har sai makonnin sun cika. Ga ɗan ci-ranin da ke aiko da kuɗin ragon suna, kuɗin mai ɗebo ruwa da na kai niƙa inji na wata biyu ba su kai rabin ragon ba.

Sai batun wankan jego. Ruwa mai ɗumi da sabulu ba su da laifi idan an cire bandeji kuma za a tsane wurin sosai. Fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan sabon ɗinki, ko danna ciki da ƙarfi wai don a fitar da jini, yana iya ƙona fatar da ba ta gama dawo da jinta ba, ya kuma buɗe raunin. Kunun kanwa ma a yi hattara da shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu jego, kuma wadda aka yi wa aiki saboda hawan jini ita ta fi kowa shiga wannan haɗari.

Alamomin da ke cewa a koma asibiti ranar, ba gobe ba, su ne zazzaɓi, ɗinki ya yi ja ya kumbura ko yana fitar da ruwa mai wari, jini mai jiƙa tsumma cikin awa ɗaya, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin ƙafa ɗaya, ko numfashi sama-sama. A yankinmu duk zazzaɓi sunansa maleriya, a sayi ƙwaya a tebur a sha. Ga wadda aka yi wa aiki kwana biyar da suka wuce, wannan zato yana iya ɓoye ruɓewar mahaifa har ta shiga jini.

Tabon mahaifa kuma yana nan har ciki na gaba, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace tana haihuwar 'ya'ya bakwai zuwa takwas. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar shekara biyu kafin sabon ciki, kuma wannan ta fi nauyi a kan mai tabo. Ba gaskiya ba ne cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba: kusan uku cikin huɗu na waɗanda likita ya amince su gwada suna yin nasara. Sai dai a wajen ɗaya cikin 200 tabon yana yagewa ana tsakiyar naƙuda, kuma idan ya yage mintoci ne suka rage wa jariri. Shi ya sa gwajin sai a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye. Tsoron a sake yanka ta yana sa wata ta ɓoye naƙudarta a ɗaka, wanda shi ne mafi munin zaɓi ga mai tabo.

Hukunci a ciki na gaba ya dogara da abin da aka rubuta ranar aikin farko: dalilin yin sa, da irin yankan da aka yi wa mahaifa. Yankan kwance a ƙasa yana ba da damar gwadawa, yankan tsaye a saman mahaifa ba ya bayarwa, kuma tabon fata ba ya nuna wanne aka yi a ciki. A yankin da mace ke iya haihuwar fari a Galmi, ta biyu a Konni, ta uku a Sakkwato, likitan da zai karɓe ta da tsakar dare ba shi da abin dubawa sai karnen awo da takardar sallamar da ta zo da su.